Yadda ake shirya rubutun fim don mai fassara ya ɗora murya ba tare da lokaci ko barkwanci ya zube ba

Mai fassarar littafi yana da fili. In jimla ta yi masa tsawo sai ya ƙara layi, in karin magana ta ƙi shiga harshensa sai ya yi ƙarin bayani a ƙasan shafi. Wanda zai fassara fim don a ɗora murya ba shi da wannan gatan. An riga an ɗauki hoton, bakin ɗan wasa ya buɗe a wani lokaci ya rufe a wani lokaci, kuma duk abin da za a faɗa dole ya shiga tsakanin nan. Saboda haka takardar da za ka miƙa masa sai ta gaya masa abu uku a kan kowane layi: daƙiƙa nawa yake da su, me layin yake yi a cikin labarin, da kuma abin da hoto ya ɗaure wanda ba zai taɓu ba. Rubutun da ƴan wasa suka haddace ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikinsu.

Fara da fim ɗin da aka gama tacewa

Kada ka soma komai sai edita ya tabbatar maka cewa an rufe tacewa, ba za a ƙara yanke ko firem ɗaya ba, wato hoto guda daga jerin hotunan da ke haɗa bidiyo. Na taɓa shirya takardar fim mai layi sama da ɗari bakwai, bayan na aika sai aka datse daƙiƙa biyu daga fitowa ta uku aka manta ba a gaya mini ba. Duk layin da ya biyo baya ya goce da daƙiƙa biyu, muka kwana muna gyaran lambobi. Tun daga nan nake rubuta kwanan wata da lambar kwafin bidiyon a saman takarda.

Sannan ka ajiye rubutun da aka shiga da shi wajen ɗauka. Ƴan wasa kan canza kalma, su ƙara "to", su haɗiye rabin jimla, edita kuma ya ɗauko amsar wani wuri ya liƙa a wani. Abin da ake so shi ne abin da kunne ke ji a fim ɗin da aka gama. Ka zauna da abin saurare a kunne, ka rubuta magana kamar yadda ta fito, har da in-ina, da maimaici, da kalmar da aka fara aka fasa.

Agogon da kowa zai duba

Ana auna lokacin fim da taimkod, lamba mai gida huɗu: awa, minti, daƙiƙa, firem. In ka ga 01:04:10:05, ana nufin awa ɗaya, minti huɗu, daƙiƙa goma da firem biyar. Gidan ƙarshe shi ne mai rikici, domin yawan firem a daƙiƙa ya danganta da bidiyon. Akwai mai 24, akwai mai 25, akwai 23.976 da 29.97. Kada ka yi ƙiyasi, ka tambayi fayil ɗin da kansa ta manhajar ffprobe:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=r_frame_rate -of csv=p=0 fim.mp4
```

In ya amsa da `25/1` to firem 25 ne, kowane firem yana cin kashi ɗaya cikin ashirin da biyar na daƙiƙa. In ya amsa da `24000/1001` to 23.976 ne. Bambancin yana da kamar ba komai, amma tsakanin 24 da 23.976 akwai daƙiƙa 3.6 a kowace awa, kuma fim ɗin awa ɗaya mai firem 24 in aka juya shi a kan 25 yakan ragu da minti biyu da daƙiƙa 24. Alamar wannan cuta ba ta ɓuya: farkon fim komai daidai, ana tafiya gociyar tana ƙaruwa. In kuwa gociyar ba ta ƙaruwa, tsawonta ɗaya ne daga wani wuri har ƙarshe, to an yanke wani abu ne a wurin, ko kuma agogonku bai fara daga lamba ɗaya ba.

Maganin wannan shi ne ka ƙona taimkod ɗin a jikin hoton da za ka aika, ta yadda kai da mai fassara da situdiyo duk agogo ɗaya kuke kallo. Yawancin manhajojin tace bidiyo suna yin haka, ko kuma ka yi da manhajar ffmpeg, in bidiyon mai firem 25 ne:

```
ffmpeg -i fim.mp4 -vf "drawtext=timecode='01\:00\:00\:00':rate=25:fontsize=40:fontcolor=white:box=1:boxcolor=black:x=20:y=20" -c:a copy fim_tc.mp4
```

Ka sa lambar a kusurwa, inda ba za ta rufe bakin kowa ba.

Yanka magana layi-layi

Buɗe jadawali, kowane layi da sahunsa. Ginshiƙan da nake amfani da su: lambar layi, lokacin shiga, lokacin fita, mai magana, wanda ake yi wa magana, yadda ake ganin baki, maganar kanta, yawan gaɓoɓi, sai bayani. Ka bar ginshiƙi ɗaya fanko don fassara.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne wurin yankawa. Sukan bi aya da waƙafi, alhali numfashin ɗan wasa ya kamata a bi. In ya faɗi rabin jimla ya tsaya rabin daƙiƙa yana kallon ƙasa, wannan tsayuwar ta zama dole a cikin fassara, domin bakinsa a rufe yake a lokacin. Ni ƙa'idata, tsayuwa gajera da ba ta kai rabin daƙiƙa ba sai in sa mata alamar `/` a cikin layi, wadda ta wuce haka kuma in buɗe sabon layi da nasa lokacin. Ba doka ba ce daga sama. Kowane situdiyo da alamominsa, abin da ake bukata kawai ka rubuta ma'anar naka a shafin farko kuma kada ka saɓa.

Lokacin shiga shi ne firem ɗin da sautin farko ya fara, lokacin fita kuma inda sautin ƙarshe ya mutu. Ka duba zanen igiyar sauti a manhajar, kada ka dogara da yatsanka a kan maɓallin tsayarwa. Kada kuma ka ɗauko lokutan fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo ka ce ka huta, domin ita ana barinta ta daɗe bayan an gama magana don mai karatu ya samu ya gama. Idon mai kallo yana da kaifi a nan. Ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, na watsa shirye-shirye ya nuna cewa mutum yakan fara lura in sauti ya riga hoto da kimanin kashi 45 cikin dubu na daƙiƙa, ko ya makara da kimanin kashi 125. A bidiyo mai firem 25, wannan firem ɗaya da ɗoriya ke nan a gaba, firem uku a baya. Murya ta ɗan makara ya fi sauƙi a kan ta riga baki.

Ginshiƙin ganin baki shi ne ke gaya wa mai fassara inda zai sha iska da inda zai sha wuya. A yawancin situdiyo ana rubuta `ON` in ana ganin bakin mai magana, `OFF` in ba ya cikin hoto. Ni nakan ƙara biyu: "kusa" in fuskar ta cika allo, "baya" in ya juya wa kyamara ƙeya. In layi ya fara ana ganin baki ya ƙare kyamara ta koma kan wani, ka nuna a kan wace kalma aka yanke. Rabin da ba a ganin baki nan ne mai fassara zai cusa abin da bai shiga ba.

A layukan "kusa" kaɗai, ka ja layi a ƙarƙashin baƙaƙen da ke haɗe leɓɓa: b, ɓ, m, da f wadda Bahaushe kan furta da leɓɓa biyu. Su ne ido ke kamawa. Ba wanda zai gane ko harshe ya taɓa hanƙa, amma in leɓɓa suka haɗu a hoto alhali murya tana jan "aa", kowa zai ga ƙarya. Kada ka ɓata lokacinka kana yin wannan a kan mutumin da ke can nesa a ƙarshen fili.

Sai gaɓoɓi. Ƙidayar kalmomi ba ta da amfani, domin "ni" kalma ce, "maimakon" ma kalma ce. Harsuna kuma ba gudunsu ɗaya ba. Wani bincike da François Pellegrino da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 ya auna masu karanta rubutu, ya samu Japananci da Sifaniyanci suna kusan gaɓa 7.8 a daƙiƙa, Ingilishi kusan 6.2, Sinancin Mandarin kusan 5.2. Don haka yawan gaɓoɓin da ka rubuta ba umarni ba ne cewa a kawo adadin daidai. Yana nuna wa mai fassara saurin bakin ɗan wasan ne, shi kuma ya san abin da harshensa zai iya ɗauka a wannan saurin.

Barkwanci: mu ɗauki fitowa ɗaya mu warware ta

Ga ƴar fitowa da na ƙirƙira don misali, a bidiyo mai firem 25. Likita yana rubutu, majinyaci yana zaune, nas tana tsaye a gefe.

112. 01:04:10:05 zuwa 01:04:11:15. Likita, baya. "Me ka sha tun safe?" Gaɓa 6.
113. 01:04:12:08 zuwa 01:04:13:08. Majinyaci, kusa. "Ni dai / wahala." Gaɓa 5.
114. 01:04:14:05 zuwa 01:04:15:10. Likita, `OFF`. "Sau nawa a rana?" Gaɓa 6.
115. 01:04:15:20 zuwa 01:04:17:20. Majinyaci, kusa. "Sau uku / maimakon abinci." Gaɓa 9.

Bahaushe ba ya bukatar a gaya masa abin dariya a nan. Amma ka tuna cewa sau da yawa mai fassarar ƙarshe ba ya jin harshen asali. Fassarar tsaka-tsaki ake ba shi, galibi da Ingilishi, daga ita yake juyawa zuwa harshensa. Abin da zai gani shi ne likita ya tambayi abin sha, mara lafiya ya amsa da cewa yana cikin wahala. Zai ɗauka fitowar ban tausayi ce, ya fassara ta da muryar kuka, sai ga nas tana ƙunshe dariya a hoto ba dalili.

Rubuta "wannan wasa da kalma ne" bai isa ba, wannan kamar ka ce wa makaniki "motar ta lalace" ka tafi. Bayanin da nake rubutawa yana amsa tambayoyi huɗu, kuma ga yadda zai kasance a layi na 113.

Na farko, ma'anar kalma da kalma, komai muninta: ni dai abin da na sha shi ne wahala.

Na biyu, yadda abin yake aiki. A Hausa aikatau ɗaya ne ake amfani da shi ga ruwa, ga magani, da kuma ga jure wuya. Likita yana nufin magani, majinyaci ya karkatar da kalmar zuwa ma'ana ta uku. Da gangan ya yi, fuskarsa ba alamar wasa. Wannan jimlar ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin mutumin da ya kasa fahimtar tambaya daban yake da wanda ya fahimta sarai yake tsokana, kuma mai ɗora murya zai faɗi layin ta hanya biyu mabambanta.

Na uku, inda dariyar take sauka. Kalmar da ke tayar da ita ita ce ta ƙarshe, tana ƙarewa a 01:04:13:08, kuma firem biyu bayan nan kyamara ta koma kan nas tana toshe baki. To dole kalmar da ke ɗauke da barkwancin ta zo a ƙarshen layi a kowane harshe. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga harsunan da ke kai aikatau ƙarshen jimla, irin su Turkanci da Hindi da Japananci, inda tsarin jimlar kan tura muhimmiyar kalmar tsakiya. In an gaya wa mai fassara tun farko, zai gina amsar ta zama kalma ɗaya tilo ko ya juya jimlar. In ba a gaya masa ba, masu kallo za su yi dariya kafin nas, ko ita ta riga su, duka biyun kuwa sun kashe abin. Haka shirun firem 18 da ke tsakanin 112 da 113, inda majinyaci ya ɗago kai a hankali. Ka rubuta ƙarara cewa kada a cike shi. Mai fassarar da tambayar likita ta yi masa tsawo zai ga likita ya ba da baya, ga fili a gaba, sai ya ci rabin shirun. In yana son ƙarin wuri, ka nuna masa ya fara layin 112 da wuri, tunda ba a ganin baki, ya bar ƙarshensa inda yake.

Na huɗu, iznin da ka ba shi da iyakarsa. A nan ake rabuwa tsakanin takarda mai amfani da marar amfani. A layi na 113 zan rubuta cewa yana iya canza kalmomin gaba ɗaya, har da tambayar likita, muddin aikatau ɗaya ya ɗauki magani da wata masifa ta rayuwa. A Ingilishi da Faransanci, alal misali, ba a shan magani, ɗaukarsa ake yi, kuma da wannan aikatau ɗin ake cewa mutum ya sha duka. Hanya ta samu ke nan. Sai dai in labarin bai ƙunshi wani ya doki mutumin nan ba, ka rubuta cewa talauci da gajiya ake nufi, kada fassara ta sa mai kallo ya zauna jiran a nuna masa wanda ya yi dukan.

A layi na 115 kuwa hoto ya ɗaure hannun kowa. Majinyaci ya ɗaga yatsu uku daidai kan kalmar "uku", don haka lambar ba ta canzuwa kuma dole ta faɗo a rabin farko na layin. Rabin na biyu yana kwaikwayon yadda ake rubuta ƙa'idar magani, "sau uku bayan abinci", aka musanya kalma ɗaya. Ka gaya wa mai fassara ya nemo jimlar da likitocin harshensa suka saba faɗa ya lanƙwasa ta haka. Kuma tunda fuska ta cika allo, leɓɓa sun haɗu sau biyu a jere a farkon "maimakon", sau ɗaya a tsakiyar "abinci". Ba lallai ya samu duka ukun ba. Ka nuna masa wanda ya fi fitowa a hoto, ya yi ƙoƙarin wannan.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa. A ce can kusa da ƙarshen fim, a layi na 640, likita yana sallamar mutumin ya ce masa, "Ka daina shan abin nan." Wannan layin ba ya da dariyar kansa, aron ta 113 yake yi. Ka rubuta a 113 cewa za a dawo da shi a 640, ka rubuta a 640 cewa daga 113 ya fito. Fim mai dogon zango sau da yawa mutum biyu ko uku ke raba fassararsa, kuma wanda ya samu kashi na takwas bai san abin da na kashi na biyu ya zaɓa ba.

Ba kowane barkwanci ne zai tsira ba, gara ka yarda da haka tun wuri. Nakan sa wa kowanne daraja: wanda labari ya dogara da shi ko aka ga wani yana dariyarsa a hoto dole a nemo masa madadi, wanda kuma ado ne kawai ana iya barinsa ya wuce a matsayin magana. In aka bar ɗaya ya mutu, ka nuna wani layin `OFF` a kusa inda mai fassara zai iya rama shi da nasa.

Takardar mutane da sunaye

Shafi ɗaya ya isa. Kowane mutum a labarin: kimanin shekarunsa, yadda yake magana, da dangantakarsa da sauran. Harsuna sun bambanta a abin da suke tilasta wa mai magana ya bayyana. Hausa tana raba "kai" da "ke", Ingilishi ba ya rabawa, Faransanci da Jamusanci kuma suna raba wanda aka saba da shi da wanda ake girmamawa. Shi ya sa ginshiƙin "wa ake yi wa magana" yake nan. In akwai layin da mutum biyu suka daina girmama juna suka koma sabo, ko akasin haka, ka ba da lambarsa.

A haɗa da jerin sunaye da kalmomin da ke maimaituwa, kowanne da yadda ake furta shi. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "fari" a takarda yana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko farko. Duk inda irin wannan ta taso, ka fayyace. Sunaye kuma ka ɗauki muryarka kana faɗinsu ɗaya bayan ɗaya, minti biyu ya wadatar, ya fi kowane bayani a rubuce.

Sautin da ba magana ba

Situdiyo zai cire muryoyin asali gaba ɗaya ya ɗora sababbi a kan fayil ɗin kiɗa da sauran sautuka, wanda za ka ga an rubuta masa `M&E`. Duk abin da makirufon ɗan wasa ya ɗauka tare da maganarsa zai tafi da ita: tari, ajiyar zuciya, tsaki, dariyar nas ɗin nan. Ka saurari `M&E` ɗin shi kaɗai kana kallon hoto. Duk sautin bakin mutum da ka ji babu, ka ba shi layi da lokacinsa kamar magana, don a sake yinsa. Hayaniyar taro ma ka rubuta abin da ake cewa a dunƙule, da ko akwai kalmar da dole a ji. Rubutun da ke bayyana a hoto, kamar saƙon waya ko allon ƙofa, shi ma ya samu layinsa, musamman in wani zai yi magana a kansa.

Gwaji kafin aikawa

Kashe sautin bidiyon, ka karanta takardarka da ƙarfi kana bin taimkod. Inda ka riga baki ko ka makara, lambar ce ba daidai ba. Ba sai ka bi fim ɗin duka ba in lokaci ya ƙure, amma ka gwada farko da tsakiya da ƙarshe, don a ƙarshe ne gociyar firem take tona kanta. Bayan haka ka ba wani wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba ginshiƙin bayani kaɗai, ka ce ya gaya maka me ya sa nas ta yi dariya. In ya kasa, bayanin ne bai cika ba.

Ka aika bidiyo mai taimkod, jadawalin a fayil ɗin da ake iya gyarawa, takardar mutane, muryar sunaye da `M&E`, duka da lambar kwafi ɗaya. Sannan ka roƙi mai fassara ya fara da minti biyar da suka fi yawan barkwanci, ya dawo maka da su tare da ma'anar abin da ya rubuta kalma da kalma. A nan za ka ga ko ya cike shirun firem 18 ɗin, ko yatsu uku sun faɗo kan lambarsu, tun kafin a kira ƴan ɗora murya situdiyo.